Takardar Ciwon Yayana

Yayana fayaman ne a jirgin ƙasa, wato shi ke zuba kwal da shebur cikin wutar inji. A Kafanchan ta wancan zamani, 'yan shekaru kafin samun mulkin kai, wannan ba ƙaramin matsayi ba ne ga ɗan ƙasa irinmu. Yawancin masu hawa inji mutanen kudu ne, namu kuwa sai dako da gyaran layi da kwasar toka. Shi da goge inji ya fara a loko, inda ake kwantar da injuna ana gyara su, ya sha baƙin mai har ya gode Allah, kafin a ɗora shi bisa. Ana ta cewa in ya ci jarrabawa baɗi zai zama direba. Mamarmu ba ta taɓa sa ƙafarta a jirgi ba, amma in ta jiyo kukansa daga ƙauyenmu da ke gindin dutse sai ta ce ɗanta ne ke wucewa, ko da kuwa yana zaune gabanta yana shan kunu.

Ni ce autar gidanmu, kuma ni kaɗai na yi karatu mai ɗan nisa, da kuɗin gumin yayan nan nawa. Ina koyarwa a makarantar mishan cikin gari, ina kwana a gidan malamai. Lokacin hutu kuma nakan koma ƙauye in yi wa wata Baturiyar nas tafinta a ɗakin shan magani na mishan, wadda kowa ke kira Sista. A wurinta na koyi abin da zan ba da labarinsa. Ba ta tura mutum babban asibiti hannu rabbana. Takan ce likita ɗaya ne, layi kuwa ya kai bakin titi, in ka shiga ka ce masa duk jikinka ke ciwo, to maganin duk jiki zai ba ka, wato asfirin. Saboda haka sai ta zaunar da mutum ta yi ta tatsarsa: me yake ji, tun yaushe, da wane lokaci yake tashi, me ya riga ya sha na asibiti da na gida, wa ya taɓa irinsa a danginsu. Ta rubuta a takarda guda ta ce ya miƙa wa likita kafin ya buɗe baki.

Wannan aiki ya dace da halina, don ni dama mai bin ƙwaƙƙwafi ce tun ina ƙarama. A gida cewa ake yi in na riƙe magana sai na ga ƙashinta. A lokacin ina ɗaukar wannan yabo ne.

Wata Asabar yayana ya zo gidan malamai a kan kekensa, ya jingine shi jikin bishiyar mangwaro, ya ce, “Auta, takarda nake so ki yi mini, irin taku ta wurin Sista. Da Turanci.”

Na ce, “Yaya, lafiya?”

“Ciwon kai ne kawai. In na tashi barci sai in ji kamar an daka ni a turmi. An ba ni izinin ganin likita ran Litinin ta sama.”

Na tambaye shi me ya sa ba zai faɗa wa tafintan asibiti ba. Ya ce shi da tafintan gidan burkutu ɗaya suke zuwa ran albashi, kuma mutumin bakinsa ba linzami, in ka gaya masa kana tari da safe, kafin la'asar an ji a kasuwa cewa huhunka ya ruɓe. Turancin yayana kuwa na inji ne, ya san sunan kowace kusa, amma ba zai iya bayyana ciwo da shi ba. Na ji daɗi ƙwarai da ya zo wurina. Na ɗauko alƙalami da tawada ina wani hura hanci.

Tun yaushe? Ya ce kwanakin baya. Na ce likita bai san wata mai suna kwanakin baya ba. Muka yi ta ja har muka gano cewa abin ya fara ne bayan an yanke acca bara. Kullum ne? A'a, jefi-jefi. Da na matsa masa ya tuno ranakun, sai ga shi duk sun faɗo wuri ɗaya: in ya dawo daga doguwar tafiyar Makurɗi, ya kwana tsaye gaban wuta, ya zo gida ya kwanta da hantsi. Wani lokaci kuma washegarin albashi. Me ya sha? Asfirin, da ƙwayar Em-an-Bi da yake saye wurin wani mai tebur a kasuwa. Yana maganar na lura harshensa na ɗan kakare masa. Na ce ya buɗe baki. Gefen harshen ya dare, ya kumbura.

Ya ce, “Cizo nake yi cikin barci. Gajiya ce.”

Sai na tuna wata maganar Sista, cewa abin da ke samun mutum cikin barci ba shi ake tambaya ba, wanda ke kwana kusa da shi ake tambaya. Na ce masa takarda ba za ta kammala yau ba.

Na bari sai ranar da na san ya tafi Jos da jirgin kaya, na je kwatas ɗin ma'aikatan jirgi. Na tarar da matarsa a bayan ɗaki tana dukan baƙaƙen kayan aikinsa a kan dutse. Mace ce mai shiru-shiru, 'yar wani ƙauye na bayan namu, muna wasa da ita sosai. Ta ce, “Malama, yau wane laifi na yi har aka zo da alƙalami?” Muka yi dariya. Na tambaye ta yadda yake barci, ta ce lafiya lau, sai minshari kamar injinsu. Na tambaye ta cizon harshe, ta ce ita ba ta leƙa bakin mutane. Sai na bar wannan na koma kan magani, na ce ta lissafa mini duk abin da ya shiga cikinsa, don wani maganin ba ya shiri da wani. Ta ce asfirin, ta ce Em-an-Bi, sannan bakinta ya suɓuce ta ce, “Da na Bafulatana.”

Wata mai tallar nono ce da ke zuwa kwatas daga rugarsu. Ita ke kawo garin wata saiwa daga wurin mahaifinta, matar yayana kuma tana barbaɗa masa a kunu bai sani ba.

Na ce, “Matar Yaya, maganin ciwon kai ba a ɓoye shi cikin kunu. Maganin me ne?”

Ta ci gaba da dukan wando na ɗan lokaci. Sannan ta ajiye, ta share hannu a zane, ta ja ni cikin ɗaki ta rufe ƙofa. Da yarenmu ta faɗa mini, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce yana cikin barci sai ya yi wata ƙara guda, jikinsa ya sandare, sannan ya kama karkarwa, hannu da ƙafa na bugun gado, kumfa na fita a bakinsa, wani lokaci da jini. Yakan jiƙa shimfiɗa. Na tambaye ta tsawon lokacin da yake ɗauka. Ba ta da agogo, amma ta ce takan fara Addu'ar Ubangiji, kafin ta maimaita ta wasu 'yan lokuta ya lafa. Daga nan sai barci mai nauyi. Ita kuma ta zare zanen gadon a hankali ta sa wani, in ya farka ya ga katifa da danshi ta ce yaro ne ya yi fitsari. Da fari sai a yi wata biyu bai yi ba, yanzu kuwa tazarar tana raguwa. Shi bai san komai ba.

Dole in tsaya in yi bayani, don yaran yanzu ba za su gane abin da ya rufe bakinta ba. A wurinmu a wancan lokaci farfaɗiya ba ciwo ba ne kamar sauran. Ko sunanta ba a kamawa. An yarda cewa ana ɗaukarta ta yawun mai ita, ko ta numfashinsa lokacin da ya faɗi, don haka in mutum ya faɗi sai kowa ya watse ya bar shi. Akan ware masa ƙwarya da ɗaki. Ba a auren 'yan gidansu in an sani. Matar yayana ta yarda da duk wannan ɗari bisa ɗari. Ta tabbata cewa wata rana za ta ɗauka. Duk da haka ita ke share masa kumfar da hannunta, ta kuma koma ta kwanta a gadon. Da na gane haka sai na ji kunyar alƙalamin da ke hannuna, amma ban ajiye shi ba.

Ta kama hannuna ta ce, “Malama, don Allah kar ki sa a takarda. Za su sauke shi daga inji.”

Na ce mata likita ba zai iya warkar da abin da ba a gaya masa ba. Gaskiya na faɗa, kuma da sauƙi ta fito daga bakina, don ba ni ce zan rasa komai ba.

Saura tambayar dangi. Ran Asabar na hau motar kasuwa na tafi ƙauye. Na sami Mama a kan falalen dutse bayan gida tana kankare citta tana shanyawa. Na zauna ina taya ta, na bari sai da muka gama hirar wanda ya mutu da wadda ta haihu, sannan na tambaye ta ko a gidanmu an taɓa yin mai faɗuwa. Wuƙarta ta tsaya.

“Wa ya aiko ki?”

Na ce likita ne ke son sani.

Ta ce, “Likitan ɗan gidan nan ne?”

Na gaya mata abin da matar Yaya ta gani. Ba ta yi kuka ba, Mama ba mai kuka a gaban 'ya'ya ba ce. Ta daɗe tana kallon cittar, sannan ta nuna mini da haɓa wani kango a bayan rumbuna, inda muke wasan ɓuya muna yara. An gaya mana ɗakin awaki ne. Ashe ɗakin ƙanin babanmu ne, wanda ban taɓa jin an ambace shi ba. Tun yana saurayi yake faɗuwa. A nan aka ajiye shi da ƙwaryarsa da wutarsa, ana tura masa tuwo daga bakin ƙofa. Wata ranar sanyi ya faɗa cikin wutar, mutane na ji, ba wanda ya iya taɓa shi sai da ya lafa. Bai yi mako ba ya rasu.

Sannan ta ƙara da abin da ko babanmu bai sani ba har ya koma ga Ubangiji. Yayana yana ɗan yaye ya yi zazzaɓi mai zafi, ya sandare mata a hannu, ba sau ɗaya ba. Ta goya shi ta tafi gidan wanta a can wajen Kagarko, ta ce jinyar uwarta za ta yi, ta zauna har damina ta wuce, don kada a gani a gina masa ɗaki bayan rumbu.

Ta ce, “Na ɓoye shi ina da ƙarfina. Yanzu ke za ki ɗauke shi ki kai wa Bature a takarda?”

Na ce, “Mama, magani za a ba shi.”

“In an ba shi magani, za a bar masa jirginsa?”

Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da kankara, ba ta ƙara yi mini magana ba har na tafi.

Na koma gari na rubuta takardar. Na yi ta yadda Sista ke so, gajera, shafi guda. Na fara da abin da shi yake ji, ciwon kai da ciwon jiki da cizon harshe. Na biyo da abin da matarsa ta gani, na nuna cewa daga bakinta ne, shi bai sani ba. Na rubuta lokacin da ya fara da yadda yake matsowa, da cewa cikin barci ne kaɗai, bayan kwanan tsaye ko bayan burkutu. Na jera magungunan har da garin Bafulatana, na ƙulle kaɗan a ƙyalle don likita ya gani da idonsa. A ƙasa na sa ƙanin baba da zazzaɓin yarinta. Da na gama na karanta, wallahi sai na ji ta yi mini kyau. Ko goge guda babu.

Ban yarda in ba shi ita a rufe ba. Wannan kam ban yi ba. Ran Lahadi bayan an tashi daga majami'a na bi su gida. Muka ci abinci, aka kori yara waje, na ce zan karanta masa abin da zai kai, in juya masa da yarenmu kalma bayan kalma. Yana zaune a kujerar katako da farar rigarsa ta sujada. Sashen farko yana gyaɗa kai. Da na shiga na biyu sai ya daina. Matarsa ta zame daga tabarma ta durƙusa. Ya dube ta ya ce, “Fitsarin nan ba na yaro ba ne?” Ta girgiza kai. Na ci gaba da karatu, don na rasa abin da zan yi in ba shi ba. Da na zo kan ƙanin baba ya ce ya tuna shi, yakan ga hannu na fitowa daga ƙofar yana jan ƙwarya.

Can ya ce, “Auta, in an cire daga inda matata ta fara magana, me likita zai ba ni?”

“Asfirin.”

“In an bari fa?”

“Akwai ƙwayar da ke danne shi. Na ga Sista na bayarwa.”

“Ba wannan na tambaya ba.”

Na ce ban san dokar loko ba. Ƙarya nake yi, kowa a Kafanchan ya san ana gwada idon mai hawa inji da kunnensa, balle wannan.

Ya ce, “Ban taɓa faɗuwa a kan inji ba. Ko jiri ban taɓa ji ba. Kin rubuta da kanki, cikin barci ne kawai.”

Gaskiyarsa ce, haka na rubuta. Ya miƙo hannu na ba shi takardar. Ya daɗe yana kallon rubutun da ba ya iya karanta rabinsa, sannan ya fara ninke ta a hankali, gefe ya haɗu da gefe, ya ɗaga murfin aljihun rigarsa. Ban san abin da ke ransa ba. Wataƙila zai kai ta ne, wataƙila murhu zai kai ta. A daidai nan bakina ya riga hankalina.

Na ce, “Yaya, in ba ka miƙa ta ba, ni zan je in gaya wa likitan da kaina. Na haddace ta.”

Hannunsa ya tsaya a kan aljihun. Ya dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya ce, “To, Malama.” Bai taɓa kirana Malama ba sai da wasa, wannan kuwa ba wasa a ciki. Ya sa takardar a aljihu ya maɓalle.

Na sha gaya wa kaina cewa tsoro ne ya sa na faɗa. Ina ganin ƙanin baba cikin wuta, ga yayana kullum tsaye a bakin wutar da ta ninka waccan sau dubu, ga mutane cike da taragu a bayansa. Tsoron gaskiya ne. Amma akwai wani abu kuma a ƙarƙashinsa wanda na fi jin kunyarsa: na sha wahalar takardar nan, ba na son ta tafi a banza. Mutumin da ya biya mini kuɗin makaranta da shebur, ban ba shi ko daren nan guda ya yanke shawara da kansa ba.

Ran Litinin na nemi izini a makaranta na raka shi. Muka zauna a benci tun sanyin safiya tare da masu gyambo da mata masu goyo. Da aka kira shi na bi shi ciki, na ce wa tafintan ni zan fassara. Likitan wani dogon Bature ne da ya ga jiya ya ga yau, ga alama ya gaji tun kafin rana ta ɗaga. Yayana ya ciro takardar ya miƙa da hannu biyu. Likita ya fara karantawa a tsaye, sai ya ja kujera ya zauna, ya sake karantawa daga sama. Ya sallami tafintan ya ce a rufe ƙofa.

Ya tambayi abubuwan da ban yi tunaninsu ba: ko ya taɓa buguwa a kai, ko ya taɓa yin sanƙarau, ko yana jin wani wari ko wani abu kafin ya kwanta. Ya duba harshen, ya haska cikin idanunsa da 'yar fitila, ya bubbuga gwiwoyinsa, ya lalubi bayan wuyansa yana neman kaluluwa, don ƙasarmu ƙasar ciwon barci ce, shi ma yakan taɓa ƙwaƙwalwa. Ya sa aka ɗebi jini. Ya kwance ƙyallen garin ya shinshina, ya ce bai san mene ne ba, a daina, Em-an-Bi ma a daina, ba ta da aiki a nan. Sannan ya ɗaga takardar ya ce wa ya rubuta. Na ce ni ce. Ya ce da kowa zai zo masa da irinta da ya huta, cewa ba don ita ba da ya sallami mutumin nan da maganin ciwon kai. Na ji daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Yayana na zaune a gefe da rigarsa a hannu, yana jira in fassara masa abin da ya sa nake murmushi.

Sauran bayanin ni na juya shi da bakina. Farfaɗiya ce. Ba a ɗaukarta ta yawu ko numfashi ko ƙwarya, matarsa ta kwantar da hankalinta, in abin ya zo ta juya shi ta gefe kawai ta kawar da abin da zai ji masa rauni. Za a ba shi 'yar farar ƙwaya, finobabiton, ya sha kullum ba fashi, kada ya yanke ta farat ɗaya ko da ya ji sauƙi, za ta sa shi gyangyaɗi da farko. Ba burkutu, ba kwanan tsaye. Yayana ya saurara duka, sannan ya yi tambaya da Turancinsa, bai bi ta kaina ba. Ya ce inji fa. Likita ya ce ba zai iya yi masa alkawarin ciwon zai tsaya cikin barci ba, kuma ko da zai tsaya, aikin inji aikin rashin barci ne, shi ne ma ke tada shi. Dole ya rubuta wa shugaban loko cewa kada a sake ɗora shi bisa. Ya ce zai roƙa a ba shi wani aiki a ƙasa. Wannan ban fassara ba, ya ji da kansa.

An ba shi aiki a sito, yana auna man inji da tsumma yana miƙa wa masu hawa. Albashi ya ragu, suka bar kwatas suka kama ɗaki a cikin gari. Yaran da ya koya wa riƙon shebur su suka zama direbobi, suna zuwa tagarsa suna karɓar mai suna kiransa Oga. Gwajin jini bai nuna ciwon barci ba. Ƙwayar ta karɓe shi, abin ya ja baya har ya zama sai a shekara bai zo ba. Ba a gina masa ɗaki bayan rumbu ba, ya aurar da 'ya'yansa, ya ga jikoki. Duk wanda na ba labarin nan cewa yake yi na ceci ransa, kuma mai yiwuwa haka ne. Mama dai ta daina cewa komai in jirgi ya yi kuka.

Shi kuwa bai taɓa ɗaga maganar ba, ko sau ɗaya. Yana zuwa gidana, yana yi wa 'ya'yana wasa, ranar aurena shi ya tsaya a matsayin uba. Na so ƙwarai ya zage ni wata rana in sami hanyar ba shi haƙuri, bai ba ni wannan hanyar ba.

Bayan wasu shekaru, na je gidan waya sayen kan sarki. A ƙarƙashin bishiyar da ke ƙofar akwai masu rubuta wa mutane wasiƙa, kowa da ɗan teburinsa. Sai na hango yayana zaune a kan benci gaban ɗaya daga cikinsu, wani tsoho da ko sunan wata ba ya rubutawa daidai. Ya sunkuya yana gaya masa magana a hankali, tsohon na rubutawa. Daga baya matarsa ta gaya mini takardar neman ƙarin girma ce a sito, kuma ba ita ce ta farko da ya kai wurin ba. Gidana bai fi tafiyar 'yan mintoci daga nan ba. Ya ɗago ya gan ni, ya yi murmushi, ya tambayi maigidana da yara, na amsa. Hannunsa na kan takardar, ya rufe rubutun da tafinsa, bai ɗauke ba sai da na wuce.